Na Tace Itanol Sau Huɗu, Ya Ƙi Wuce Kashi 95

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin binciken shekarar ƙarshe, ina buƙatar itanol marar ruwa. Sau huɗu ina tace shi ta hanyar tururi, na ƙara tsawon bututun tata, amma awo kullum kashi 95 da ɗoriya yake nunawa. Hankalina ya tashi don lokaci ya ƙure. An ce min in ƙara wuta ko in zuba benzin. Laifin kayan aikina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗana, kayanka lafiyarsu ƙalau. Wanda ya kai kashi 95 ya iya tata, iyaka ce ka taras, kuma a cikin gaurayen take.

Ka san dokar Raoult ta ɗauka cewa ƙwayoyin abubuwa biyu suna riƙe juna kamar yadda kowanne ke riƙe ɗan'uwansa. Itanol da ruwa ba haka suke ba. Riƙon da ke tsakaninsu bai kai wanda dokar ta zata ba, saboda haka ƙwayoyin sun fi saurin tserewa, matsin tururi ya haura lissafi. Wannan kauce wa dokar ya yi yawan da a wani gauraye matsin ya zarce na tsantsar itanol kansa. A nan aziyotirof yake, wato gaurayen da tata ba ta iya raba shi: itanol kashi 95.6 bisa nauyi, ruwa kashi 4.4, yana tafasa a digiri 78.2 na Salsiyos a matsin iskar da muka saba, ƙasa da 78.4 na tsantsar itanol.

Tata tana aiki ne kawai idan tururi ya bambanta da abin da ke cikin tukunya. Duba yadda ribar ke tsukewa, da lissafin mol, wato bisa yawan ƙwayoyi ba bisa nauyi ba. Idan itanol kashi 10 ne a tukunya, tururin zai ɗauko kusan 44. Idan 50 ne, sai ya ba ka kusan 65. A 80, da ƙyar ya kai 82. A wajen 89.4, wanda shi ne 95.6 ɗin nan bisa nauyi, tururi da ruwan tukunya sun zama abu ɗaya. Babu sauran abin da bututu zai rarrabe, ko tsawonsa ya taɓo rufi.

Yanzu ga abin da ke ci min rai, don kusan kullum sai na ji shi: wai a ƙara wuta, a maimaita, a ƙarshe ruwan zai haƙura. Ba zai haƙura ba. Ƙarin wuta ba ya ɗaga zafin tafasa, saurin tafasar yake ƙarawa, bututu ya cika ya yi ambaliya, abin da ka tara ya fi na baya ruwa. Sannan tururin itanol yana kama wuta tun daga wajen digiri 13, ga ɗalibi ya tsaya kan harshen wuta yana ƙara mata ƙarfi a rufaffen ɗaki. Ko da an ba ka itanol mai kashi 98 ka tace shi, abin da zai fara fitowa ya fi na tukunya ruwa, domin aziyotirof ne mai ƙarancin zafin tafasa, shi ke riga kowa tashi. Duk wanda ya ce maka da tata kaɗai, a matsin iska na yau da kullum, ya samo kashi 100, ko dai bai auna ba ko bai faɗi gaskiya ba. Batun benzin kuwa, gaskiya ne an daɗe ana amfani da shi a masana'antu don janye ruwan, amma yana jawo kansar jini, kuma ɓurɓushinsa na saura cikin itanol. Ban yarda wani ya ba ɗalibi wannan shawara a baki, ba tare da ya faɗa masa haɗarinta ba. Kada ka taɓa shi.

Abin da za ka yi shi ne ka nemi ƙwayoyin ziyolait masu tsotse ruwa, samfurin 3A. Ramukansu na shigar da ruwa amma sun yi wa itanol ƙanƙanta. Kilo ɗaya na itanol ɗinka yana ɗauke da ruwa giram 44. Ƙwayoyin na shan kusan kashi 20 na nauyinsu, ka ga giram 220 ke nan a takarda, amma ka zuba kamar 300. Ka fara gasa su awanni a wajen digiri 300, su huce a rufe, ka zuba a kwalba, ka toshe, ka bari kwana biyu. Idan ka bar kwalbar a buɗe, itanol zai sake jawo danshi daga iska.

Don tabbatarwa ka auna nauyin mililita ɗaya a digiri 20: marar ruwa giram 0.789 ne, naka na yanzu wajen 0.802. Tazarar kaɗan ce, don haka ka kula da zafin samfurin kafin ka karanta awon.