Manuwal ko otomatik: wace ce ta dace da ɗan kasuwa?

"Malam, ina so in sayi motar da aka riga aka yi amfani da ita domin kai wa abokan cinikina kaya. Na ga iri ɗaya guda biyu, manuwal da otomatik. Wace ce ba za ta cinye mini jari ba?"

Alhaji, ga motar da za ta riƙa ɗaukar kaya kullum, manuwal nake ba ka shawara, kuma babban dalilina yana wajen gyara ne.

Abin da ya fi lalacewa a manuwal shi ne kuloci, wanda dama an yi shi ne don ya ci ya ƙare, kamar takalmin birki. Idan ya mutu, bakanike zai sauke giya, ya canza faranti da abin da ke matsa shi da boris, kuma in kayan suna kusa, aiki ne na yini ɗaya wanda kusan kowane gareji ya iya. Ita kuwa otomatik, cikinta akwai tarin ƙananan farantai da hanyoyin mai da na'urorin lantarki da ke karɓar umarni daga kwamfutar mota, saboda haka wanda zai buɗe ta ya mayar daidai sai wanda ya ƙware a kanta musamman. Inda babu irinsa, abin da ake yi shi ne a sayo wata tsohuwar giya a ɗora, wadda kai ba ka san irin wahalar da ta sha ba. Kuma duk kwanan da motar ta yi a gareji, hayar wata za ka yi ko kayanka su zauna, asarar da sau da yawa takan fi kuɗin gyaran.

Batun mai bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tsofaffin otomatik masu giya 4 sun fi manuwal mai giya 5 shan mai, amma na baya-bayan nan masu giya 6 zuwa 8 sun kusa rufe wannan tazara. Mu ƙaddara kana yin kilomita 100 a rana, kwana 26 a wata, manuwal tana shan lita 8 a kowace kilomita 100, otomatik kuma lita 9. Bambancin lita 26 ne a wata, wato lita 312 a shekara. Kuɗi ne, amma taya maras iska da kayan da suka wuce kima za su iya jawo maka asarar da ta yi kusa da haka.

Wuri ɗaya ne zan sauya magana. Idan direba za ka ɗauka, kuma hanyarku mai cunkoso ce, to ka kula da ƙafarsa, domin mai ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, ko mai riƙe mota da shi a kan tudu maimakon birki, zai ƙona maka faranti tun kafin lokacinsa, ya kuma ƙona na biyu. A irin wannan hali otomatik mai lafiya ta fi, muddin ka riga ka san ƙwararren da zai riƙa duba ta. Ka nemo shi kafin ka biya kuɗin mota, ka kuma tambaye shi wane irin mai wannan giyar take sha. Wadda aka rubuta wa CVT galibi bel ne na ƙarfe a cikinta, man ta daban ne, ba ta son nauyi, kuma zuba mata ATF, wato man giyar sauran otomatik, yana kashe ta.

Kowace ka zaɓa, kada ka amince da gwajin minti biyar. A manuwal, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali: idan injin ya mutu nan take, farantin yana riƙewa, idan kuwa ya ci gaba da aiki, to ya fara sulɓewa, sai ka rage kuɗin canza shi daga farashi. A otomatik, in tana da sandar awo, ka zaro ka goga man a farar takarda. Mai jan launi ko wanda ya ɗan yi duhu ba matsala, amma baƙi mai warin ƙuna alama ce ta farantan da suka soye. Sannan ka taka birki, ka sa D, ka koma R, ka ji ko tana jinkirin kamawa ko tana shiga da bugu. Ka maimaita wannan bayan tafiyar kamar rabin awa, domin giya mai ciwo takan ɓoye laifinta tana sanyi, sai ta yi zafi take fara zamewa, ka ji injin yana ihu mota ba ta ƙara gudu. Idan ka ga haka, ka bar ta ko da mai ita ya karya farashi.