Sau nawa zan yi rubutu a LinkedIn?

“Ni injiniyan sola ne a Damagaram. Kullum ina sa rubutu a LinkedIn, amma abokan sana'a ko kallo. In ƙara ne?”

Ka rage, ɗan'uwa. Sau ɗaya a mako ya isa, muddin daga aikin hannunka ya fito.

Na shekara ina tura gaisuwar Juma'a da hotunan taro, shiru. Sai na rubuta yadda baturan wani shago a Birni suka mutu cikin wata 8: fanel 2 kawai na sa, ga firiza, ga ƙurar hunturu, caji bai taɓa cika ba. Na amsa cewa lissafina ne ya kauce. Nan ne manyan ma'aikata suka tanka, har wani ya turo mini aiki. Sunan mai shagon dai ban faɗa ba.