Kawu, kar ka sayar da hannun jarinka tukuna

Tambaya: Ɗana, na duba waya na ga hannun jarin da na saya da kuɗin sallamata ya faɗi, dubu ɗari ta koma tamanin, ko barci ba na iyawa. In sayar da komai ne kafin sauran ma su narke?

Amsa: Kawu ina wuni, ya gida da su Goggo. To bari mu yi lissafin tare. Ka sayi hannun jari 2,000 a kan naira 50, yau farashi ya koma 40, shi ne ka ga 80,000. Amma duba takardarka ta CSCS, masu ajiye lissafin hannun jarin kowa, 2,000 ɗin nan suna nan ko ɗaya bai ragu ba, abin da masu saye ke tayawa yau ne ya sauka, kamar buhun masara a Dawanau da kaka. In ka sayar yanzu asarar 20,000 ta tabbata, ga kamashon dillali, sannan ranar da hankalinka ya kwanta farashi ya koma 50 ka zo sake saye, guda 1,600 kawai kuɗin za su ba ka, ko su ma ba za su cika ba. Guda 400 sun tafi kenan, haɗe da ribar da kamfani ke rabawa a kansu.

Na ga haka da idona lokacin korona. Farkon Afrilun 2020 ma'aunin farashi na kasuwar hannun jari ta Legas ya gangaro wajen maki 21,000, waya ba ta daina ƙara ba kowa a sayar a sayar, shekarar ba ta ƙare ba sai da ya haura 40,000. Waɗanda suka fita sai cizon yatsa.

Amma fa ba zan ɓoye maka ba, ba kullum take dawowa da wuri ba. A Maris 2008 ma'aunin ya kai wajen 66,000 ya rikito, bai sake taka nan ba sai 2023, kuma naira ta riga ta zube a tsakani. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu saye da bashin banki, don tilas aka sa su sayar a ƙasa. Kai kuwa kuɗinka ne, ba mai bin ka.

Abin da ke sa in ce a sayar daban ne. In duk kasuwa ce ta yi ƙasa tare, a bar ta. In kuwa kamfaninka ne kaɗai ke zubewa, ya daina raba riba, rahoton shekara ya ƙi fitowa, to wannan sai mu zauna. Haka in kuɗin makarantar yara ko na bikin nan da ke tafe na ciki, a cire daidai wannan, tun farko ma bai kamata ya shiga ba.

Turo min sunayen kamfanonin da daren nan in duba, kuma don Allah ka rage leƙa wayar nan bayan sallar asuba.