Yaran da muke yi wa rigakafi sun fi waɗanda takarda ta ce akwai su a gari

Tambaya: "Ina aiki a sashen rigakafin yara. A bara rahotonmu ya nuna mun yi wa kashi 135 cikin 100 na jariran garinmu allura, shugabanmu ya ce ƙari muke yi a lissafi. Wallahi ba mu ƙara ko ɗaya ba. To ta ina yaran suka fito?"

Malama, na yarda da ke, kuma ina ganin kafin a tuhumi rajistarku ya kamata a tuhumi adadin da aka ba ku a matsayin yawan mutanen garin. Na daɗe ina aikin tattara alƙaluman lafiya da jera gidaje, kuma a mafi yawan wuraren da na ga sakamako ya haura kashi 100, ma'aikata ba su yi ƙarya ba, garin ne ya cika da mutanen da takarda ba ta san da zuwansu ba.

Adadin da ke hannunku hasashe ne. Ana ɗaukar ƙidayar ƙarshe, a ɗora mata wani kaso na ƙaruwa kowace shekara, a ce yawan mutanen bana ke nan. Najeriya ta yi ƙidayarta ta ƙarshe a watan Maris na 2006, aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo tun 1984 rabonta da ƙidaya, Labanan kuwa tun 1932. Wannan hasashe yana aiki daidai gwargwado idan haihuwa da mutuwa ne kaɗai ke sauya yawan jama'a, domin su a hankali suke tafiya. Ƙaura kuwa a mako guda tana iya juye ƙauyuka goma cikin unguwa ɗaya. Ƙidayar 2006 ta riga rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, saboda haka duk wanda ya lissafa Maiduguri da hasashen da aka gina a kanta, ya lissafa garin ne kafin dubun dubatar mutanen ƙananan hukumomin Borno su kwararo cikinsa. Haka Labanan: a 2014 'yan gudun hijirar Siriya da aka yi wa rajista a can sun haura miliyan ɗaya, kuma babu hasashen da ya hango su. Akwai kuma wani lahani da ba a cika lura da shi ba. Sau da yawa kason ƙaruwa ɗaya ake shafa wa birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi, alhali ƙauyen raguwa yake yi, birnin yana kumbura da mutanen ƙauyen. Jimillar yankin na iya zama daidai, amma rabon ya karkace: ku kuna kashi 135, asibitin karkara yana kashi 50 ana yi masa faɗan lalaci.

Ko ranar ƙidayar ma, wanda aka ƙirga ya danganta da ƙa'idar da aka bi. Wasu ƙasashe suna rubuta mutum a inda aka same shi a daren ƙidaya. Wasu suna rubuta shi a inda ya saba zama, kuma shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a auna wannan da watanni 12. Ki ɗauki ɗan cin rani da ke shiga birni bayan girbi ya koma gida da faɗuwar damina. A ƙa'ida ta farko, idan an yi ƙidaya da rani ɗan birni ne, idan da damina aka yi ɗan ƙauye ne, wato watan da aka zaɓa ne ya yanke hukunci. A ƙa'ida ta biyu, wata biyar ɗin da yake yi a birni ba su isa ba, don haka har abada ba ya cikin lissafin birnin, ko da ya shekara ashirin yana zuwa yana shan ruwansa, yana kwanciya a asibitinsa. Inda kuma ake raba kuɗi da kujerun siyasa bisa yawan jama'a, mutane kan koma garinsu na asali da gangan don a ƙirga su a can. Ƙasar Sin ta nuna girman wannan tazara ƙarara: ƙidayarta ta 2020 ta samu kimanin mutum miliyan 376 da ke zaune nesa da inda rajistar gidansu take, kuma a birnin Shenzhen, mai mutum sama da miliyan 17, waɗanda ke da rajistar birnin ba su kai rabi ba.

Yanzu bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, ke sai ki sa naku. A ƙaddara ƙidaya ta ba garinku mutum 500,000, shekara 15 da suka wuce, ana ƙara kashi 3 cikin 100 duk shekara. Hasashen bana zai kai kusan 779,000. A ƙasashen da haihuwa ke da yawa akan ɗauki kashi 4 cikin 100 a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, wato an ba ku kusan 31,000 ku nemo. Kun yi wa 42,000 allurar Penta ta farko, wato rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jariri sau uku. Raba 42,000 da 31,000, ga kashi 135 ɗinku.

To sai ki juya lissafin, ki fara daga yaran da kuka gani da idonku. Da farko ki buɗe rajista ki duba adireshi, domin wasu iyayen daga ƙauye suke kawo ɗa su koma a ranar, kuma waɗannan ba mazauna gari ba ne. A ce ɗaya cikin goma ne, saura 37,800. Sannan kina buƙatar sanin ainihin kason yaran da suka samu allurar, kuma wannan daga binciken gida-gida ake samunsa, inda ake duba katin yaro a tambayi uwa, domin shi bai dogara da ƙidaya ba. A ce binciken ya nuna kashi 80. Idan 37,800 su ne kashi 80, jariran garin 47,250 ne. Idan kuma jarirai kashi 4 ne na jama'a, mutanen garin sun kusa miliyan ɗaya da dubu 180. Tazarar da ke tsakanin wannan da 779,000 ta kai mutum 400,000. Abin da ya fi tayar min da hankali a irin wannan shi ne, takarda na cewa kun gama har da rara, alhali akwai jarirai sama da 9,000 da ba a taɓa ba, kuma babu wanda zai je neman su tunda rahoto ya ce babu su. A haka ƙyanda ke ɓarkewa a garin da ake yabo.

Kada ki riƙe wannan sabon adadin kamar yankan wuƙa. Masu gudun hijira galibi mata da yara sun fi yawa a cikinsu, don haka jarirai na iya wuce kashi 4, lissafin ya ɗan zarce gaskiya. 'Yan cin rani kuwa yawanci maza ne da suka bar iyali a gida, ba za su bayyana a rajistar rigakafi ba ko kaɗan. Gara ki ce tsakanin kaza da kaza, ki faɗi dalili.

Rajistar taku kuma za ta iya nuna miki wace irin ƙaura ce, idan kika jera alƙaluman wata-wata na shekara uku ko huɗu. Idan layin ya yi tsalle a wata guda ya zauna a sama bai sauko ba, gudun hijira ne, kuma za ki iya haɗa watan da abin da ya faru, hari ko ambaliya. Idan yana hawa da sauka a watanni iri ɗaya kowace shekara, zirga-zirgar rani da damina ce. Idan kuwa a hankali yake hawa shekara bayan shekara, musamman a asibitocin gefen gari, to masu zuwa su zauna dindindin ne. Ki duba kuma tazarar Penta ta farko da ta uku: inda mutane ke shigowa su fita, yara da yawa kan karɓi ta farko su ɓace kafin ta uku. Ƙarin ƙarya yana da tasa alamar. Za ki ga adadi ɗaya yana maimaituwa kowane wata, ko allurar da aka ce an yi ta fi wadda aka karɓo daga ma'ajiya. Wannan na ƙarshe shi ne hujjarki mafi ƙarfi a gaban shugabanku: ki kawo littafin ma'ajiya, a gwada kwalaben da aka buɗe da sunayen da ke cikin rajista.

Wasu za su ce a ƙirga rufin gidaje ta hoton tauraron ɗan'adam a ninka da yawan mutanen gida. Yana da amfani wajen gano sabuwar unguwa da ba ta cikin taswira, amma yana da makanta babba. Yawancin waɗanda rikici ya kora ba sansani suke zuwa ba, wurin dangi suke sauka, rufi bai ƙaru ba amma mutanen ƙarƙashinsa sun ninka. Na taɓa shiga wani gida da jerinmu ya ce mutum bakwai ne. Da na tambayi maigidan iyalinsa nawa, bakwai ɗin ya maimaita, kuma bai yi ƙarya ba. Sai na ga tabarmi a naɗe jingine da bango har ƙofar ɗakin girki, na sake tambaya: mutum nawa suka kwana a nan daren jiya? Ya ƙirga da yatsu ya kai goma sha tara. Ƙanwarsa ce da 'ya'yanta da matan maƙwabtansu na ƙauye, sun fi shekara a gidan, amma a wurinsa baƙi ne, ba a sa baƙo cikin iyali. Uku daga cikin yaran ba su da kati. Su kuma 'yan cin rani a shago, gareji, tasha da kangon gini suke kwana, wuraren da mai jera gidaje ke wucewa da rana ya rubuta "ba kowa".

Don haka shawarata, Malama, ku zaɓi unguwanni kaɗan masu bambanci: tsohuwar unguwa ta tsakiyar gari, sabuwa ta gefe, da wadda kuka san baƙi sun sauka. Ku bi su gida-gida da yamma, lokacin da mutane suka dawo, ku yi tambayoyi biyu daban, su wa ke zaune a nan, da su wa suka kwana jiya, ku ƙara da watan da kowane baƙo ya zo. Ku yi sau ɗaya a tsakiyar rani, sau ɗaya a tsakiyar damina. Ku faɗa wa mutane tun farko cewa ba rabon kaya ba ne, domin da zarar an zaci tallafi ne gida ɗaya zai zama uku, idan kuma aka zaci kora ce ko haraji za a ɓoye baƙi. Inda hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ke bibiyar waɗanda aka raba da muhallinsu, ki nemi alƙalumanta na unguwa-unguwa ki gwada da naku. A rahoto kuma ki rubuta kashi 135 bisa adadin hukuma yadda tsari ya tanada, a gefensa ki sa ƙiyasinku da yadda kuka same shi, sannan ki nemi a aiko muku da allurar baɗi bisa yaran da kuka ƙirga.