Ciki ne ko al'ada ce ke tafe?

"Nonona na ciwo, ga kasala da tashin zuciya, kuma saura kwana 3 al'adata ta zo. Ciki ne?"

'Yar uwa, ciwon nono da kasala ba sa rarrabewa, domin sinadarin jiki ɗaya ne ke haddasa su a duka biyun. Na al'ada yakan lafa da zarar jini ya zo. Na ciki kuwa ƙaruwa yake, har baƙin kan nono ya ƙara duhu. Tashin zuciyar laulayi yawanci sai wajen mako na 6 daga al'adar ƙarshe, don haka naki ya yi wuri.

Ki jira ranar ta wuce, ki gwada fitsarin farko na safe da tsinken gwaji. In layi ɗaya ya fito, wato bai nuna ciki ba, kuma al'ada shiru, ki sake bayan mako guda. Amma ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya tare da ɗigon jini, asibiti nan take.