Tabon da ya hana ta fita daga gida

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 19 ta daina zuwa Islamiyya da biki saboda tabon ƙuraje a kumatunta, wanda mu da ƙyar muke ganinsa. Ƙannena sun ce iyayi ne, in saya mata mai mai ƙarfi a huta. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya. Budurwa mai son kwalliya takan yi lalle, ta sa kwalli, ta dubi madubi ta fice abinta, ko da tabon yana nan. Abin da muke aunawa shi ne lokacin da tunanin yake cinyewa da abin da ya hana ta yi. Idan yana cin awa guda ko fiye kowace rana, tana yawan komawa gaban madubi ko ta ƙaurace masa ɗungurungum, tana tsinkar fatar da farce, tana tambayarki ko ana gani alhali amsarki ba ta sanyaya mata rai, wannan ciwo ne sananne a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma yakan fara ne a shekarun balaga.

Shawarar sayen mai ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin kullum ina ganin ƙarshenta. Mutane suna zaton idan an goge tabon damuwar za ta tafi, alhali ciwon yana cikin yadda take ganin kanta ne, kuma mai ba ya isa can. Na duba wata yarinya da aka haɗa wa mai a ƙaramar roba marar suna, da sinadarin sitiroyid a ciki. Da farko fatar ta yi haske, sai ta koma ƙorafi a kan hancinta. Bayan wasu watanni fatar ta yi siriri har jijiyoyi suka bayyana, ƙuraje suka feso fiye da da, tabon da ba a gani ya zama na gaske. Mai haɗin ya karɓi kuɗinsa, bai tambaye ta ko tana barci ba, balle ya san ta bar makaranta. Kada kuma a yi ta ce wa 'yarki ba ta gode wa Allah ba, domin hakan ɓoyewa kawai zai koya mata.

Ki kai ta Asibitin Tarayya na Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Ana magance ciwon ta zaman tattaunawa da ke koya mata rage duba madubi da komawa cikin mutane sannu a hankali, wani lokaci tare da ƙwayar da kan ɗauki mako 12 kafin a tantance amfaninta. Ki tambaye ta a keɓe, cikin taushi, ko ta taɓa tunanin kashe kanta, domin masu wannan ciwo suna cikin wannan haɗari. Idan ta amsa da e, ku tafi asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai.