Me ya sa gwaiduwar dafaffen ƙwai ke yin kore?

Tambaya: Likita, na dafa wa yarana ƙwai, da na raba sai na ga gefen gwaiduwar ya yi kore-kore mai toka-toka. Na tsorata na zubar. Ko ƙwan ya lalace ne? (Wata uwa)

Amsa: Hajiya, ƙwanki lafiyarsa ƙalau, wuta ce kawai ta yi masa yawa. Na ji takaicin zubarwar nan, don abinci mai kyau aka rasa.

A cikin farin ƙwai akwai sinadarin farar wuta, a gwaiduwa kuma akwai sinadarin ƙarfe, irin wanda jiki ke buƙata don yin jini. Idan ƙwai ya daɗe yana tafasa, sai farin ya fara sakin wata iska mai ɗauke da farar wutar, wadda masana ke rubutawa H₂S. Ita ce ke ba ƙwan da ya dahu fiye da kima ɗan warin nan. Zafi na shiga ne daga ɓawo, saboda haka iskar takan nufi tsakiya, inda zafin bai kai na waje ba. Da ta iso fatar gwaiduwa sai ta haɗu da ƙarfe, su zama sabon sinadari, FeS, mai launin kore da toka. Shi ya sa za ki ga launin ya tsaya a inda fari da gwaiduwa suka haɗu, kamar zobe. Ki kankare shi da cokali, za ki tarar cikin na nan da ruwan ɗorawarsa.

Zoben ba ya cutar da yaro ko babba. Abin da kika yi asara shi ne daɗi, domin gwaiduwar takan bushe ta yi gari-gari har ta riƙa maƙale wa yaro a wuya, farin kuma ya yi tauri kamar roba. Ƙwan da ya lalace da gaske ba ya ɓoyuwa: warin baragurbi zai buge ki da zarar kin fasa, ko ki ji jikinsa na yauƙi bayan kin ɓare. Wannan shi ake zubarwa.

Tambaya: Ni nakan bar ƙwai ya yi minti 20 ko fiye a wuta don ƙwayoyin cuta su mutu. Idan na rage lokaci ba zan cutu ba? (Wani magidanci)

Amsa: Malam, niyyarka mai kyau ce, sai dai lokacin ya wuce buƙata. Da zarar fari da gwaiduwa sun daskare gaba ɗaya, ƙwai ya dahu yadda ya kamata. Gwaiduwa na daskarewa ne a wajen digiri 70 na ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100. Duk mintin da ka ƙara bayan ƙwan ya daskare, zoben kake ginawa.

Gwada wannan da ƙwai shida. Jera su a tukunya kada wani ya hau wani, ka zuba ruwan sanyi ya rufe su da kamar yatsa biyu. Ɗora a wuta. Da ruwan ya tafasa sosai sai ka sauke tukunyar, ka rufe da murfi, ka duba agogo: minti 12 ga manyan ƙwai, 9 zuwa 10 ga matsakaita. Daga nan ka tsiyaye ruwan zafin nan take, ka zuba su cikin ruwan sanyi, in da ƙanƙara ya fi. Idan ruwan ya yi ɗumi ka canza shi, har sai ka riƙe ƙwan a tafin hannu ba ka ji zafi ba.

Wannan sanyayawar ita mutane suka fi tsallakewa. Ƙwan da aka bari cikin ruwan zafi, ko aka tara a kwano aka rufe, yana ci gaba da dahuwa da zafin jikinsa ko da an kashe wuta.

Tambaya: Lokaci ɗaya nake ba ƙwai kullum, amma wata rana ya yi zobe, wata rana babu. Me ke kawo haka? (Wata mai sayar da abinci)

Amsa: Malama, ki fara duba kwanakin ƙwan. Idan ƙwai ya kwana biyu a ajiye, farinsa yakan canza ta yadda zai fi saurin sakin iskar nan, don haka tsohon ƙwai ya fi sabo yin zobe. Girma ma na da tasiri, domin lokacin da ya yi wa babba daidai ya yi wa ƙarami yawa. Sannan babbar tukunya cike da ƙwai tana daɗewa kafin ta tafasa, tana kuma daɗewa kafin ta huce. Ki riƙa dafawa kashi-kashi, ruwan sanyi na jira a gefe.

Tunda jama'a kike ciyarwa, ajiya ta fi damuna a kan launi. Ki sa dafaffen ƙwai a firij kafin ya yi awa 2 a waje, kuma a cinye shi cikin mako guda.